A Riƙa Duba Leɓɓan Jarirai Kafin a Sallame Su

Ya Mai Girma Edita,

Rahoton da jaridarku ta buga kan jariran da ake haifa da ciwon zuciya ya sa na ɗauki alƙalami, domin jan hankali kan nau'in da ke sa leɓɓa da harshe su yi shuɗi.

Mafi yawan irin wannan shi ne wanda likitoci ke kira Tetiraloji na Falo. Akwai rami a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, kuma hanyar da ke kai jini huhu ta ƙuntata, saboda haka jinin da bai ɗauki iskar oksijin ba yakan ratsa ramin ya zarce cikin jiki. Irin wannan jariri yakan gaji da shan nono, ya saki mama yana haki, nauyinsa ba ya ƙaruwa, shuɗin kuma yana tsananta idan ya yi kuka. A kan baƙar fata da wuya a gane, sai an duba harshe da dasashi.

Tiyata tana gyara wannan, galibi kafin jariri ya cika shekara guda: a toshe ramin da faci, a faɗaɗa hanyar huhu, jini ya koma bin tafarkinsa. Jinkiri kuwa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Shawarata ita ce a wajabta auna oksijin a hannun dama da ƙafar kowane jariri bayan awa 24 da haihuwa. Wanda awonsa ya gaza kashi 90 cikin ɗari a gaggauta tura shi hoton zuciya.

Naku,
Wani mai karatu