Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan amsa laifin da aka samu da tilas

Ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na samu saƙonka cewa ka fara zama a kujerar majistare. Allah ya taya ka riƙo. Ka tambaye ni abin da ya fi ba alƙalai wahala a shekarun da na yi ina magatakardan kotu. Amsata ita ce takardar amsa laifi, wadda mai gabatar da ƙara zai miƙa, sai wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce da duka aka karɓe ta.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, a wannan lokaci ba a tambayarka ko abin da ke cikin takardar gaskiya ne. Ana tambayarka ta yaya aka same shi. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aka nuna wa kotu cewa mai yiwuwa an samu iƙirarin ta hanyar zalunci, ko ta wata magana ko wani aiki da zai sa ba za a iya dogara da shi ba, to kotu ba za ta karɓa ba, sai masu ƙara sun tabbatar, ba tare da sauran shakka mai ma'ana ba, cewa ba haka aka same shi ba, ko da kuwa abin da aka faɗa gaskiya ne. Sashen ya sa azabtarwa da wulaƙanci da duka da barazanar duka cikin ma'anar zalunci. Nauyin yana wuyan masu ƙara. Ba wanda ake tuhuma ne zai tabbatar maka an dake shi ba.

Bari in ba ka labarin wata shari'a da na rubuta da hannuna gab da in yi ritaya. An gurfanar da wani saurayi bisa tuhumar satar shanun noma biyu, aka ce ya kai su kasuwar Maigatari ya sayar. Ɗan sanda mai bincike ya shiga akwatin shaida, ya fito da takarda mai ɗauke da dangwalen yatsa. Kafin a karɓa, lauyan yaron ya miƙe ya ce an rataye shi da igiya kafin ya dangwala. Lokacin da ya yi maganar yana da muhimmanci, domin ana yin wannan suka ne a daidai sa'ar da aka miƙa takardar. Idan aka bari aka karɓe ta, sai daga baya wajen kare kai aka zo da zancen duka, an makara, sai dai a duba shi wajen auna nauyinta. Saboda haka idan mutum ba shi da lauya, kamar yawancin mutanen karkara da za su zo gabanka, ka sa a karanta masa takardar da Hausa, ka tambaye shi ko yana da abin cewa. Dokar ma ta ba ka dama ka nemi masu ƙara su tabbatar da yadda aka same ta ko ba wanda ya roƙa.

Alƙalinmu ya tambayi yaron tambaya ɗaya kafin komai: “Ka faɗi wannan magana amma tilasta ka aka yi, ko kuwa ba ka faɗe ta ba sam?” Nan ne sababbin alƙalai suke yin tuntuɓe. Wanda ya ce bai taɓa yin bayanin ba, kuma yatsan ba nasa ba ne, ba a buɗe masa bincike na musamman. Ana karɓar takardar, a ƙarshen shari'a a yanke ko shi ya yi ta da kuma nauyin da za a ba ta. Wanda kuwa ya ce ya dangwala amma da tilas, a zamaninmu sai a dakatar da babbar shari'a a buɗe ƙarama, wadda ake kira shari'a cikin shari'a. Yaron ya ce shi ya dangwala, bayan ya ga ba zai iya jurewa ba. Sai aka buɗe.

Masu ƙara su suka fara. Mai bincike ya ce ya yi wa yaron gargaɗi cewa ba dole ne ya yi magana ba, ya ce a sarari aka ɗauki bayanin, kuma ya kai shi gaban babban jami'i ya sake amsawa. Da lauya ya fara yi masa tambayoyi sai zaren ya soma kwancewa. Littafin caji ofis ya nuna an kama yaron ranar Litinin, takardar kuma tana ɗauke da kwanan Alhamis, alhali tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Me aka yi da shi a kwana ukun nan? Bai iya faɗa ba. Yaron ba ya jin Turanci, takardar kuwa da Turanci take, ba a kawo ta Hausa ba, ba a kuma kira tafintan ba. Babban jami'in ma bai zo ya ba da shaida ba. Daga nan yaron ya yi rantsuwa ya ba da nasa bayanin, ya nuna tabon igiya a wuyan hannayensa biyu, aka kawo katin asibitin gidan yari da ya nuna da raunin aka shigo da shi. Alƙali ya duba tabon da idonsa, ya sa na rubuta yadda yake. A cikin wannan zama duka bai bar kowa ya tambayi yaron ko ya saci shanun ba.

Hukuncin gajere ne: masu ƙara ba su kawar da shakka ba, an ƙi takardar, na rubuta a bayanta cewa an miƙa an ƙi. Amma ba a sallami yaron a ranar ba, aka koma babbar shari'a da sauran shaidu. Mai shanun ya fusata, kuma ban ga laifinsa ba, tunda damina ta kama ba shi da abin huɗa. Sai dai na sha ganin wanda aka matsa ya amsa satar da daga baya aka kama ainihin ɓarawonta, domin mai shan duka yana faɗin abin da zai sa a daina ne kawai.

Ka da ka jira tabo kullum. Barazanar cewa za a kamo tsohuwar mutum, ko hana shi barci da abinci, ba sa barin alama a jiki. Ka kuma sani cewa masu laifi da yawa sun koyi cewa “an dake ni”, don haka ka saurari bayanin filla-filla, waye, a wane ɗaki, da me, ka gwada shi da takardu. Yanzu kuna da abin da ba mu da shi a da. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar bayani a bidiyo da kuma a gaban lauya, jihohi kuma sun yi nasu, saboda haka ka karanta ta jiharka da kyau, ka riƙa tambayar mai bincike ina bidiyon. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai azabtarwa.

Ko ka karɓi takardar, aikinka bai ƙare ba. Idan mutumin ya janye maganarsa a gabanka, ka nemi wani abu a waje da ke gaskata ta: shin an ga shanun, dillali ya gane shi, yana garin a daren? Idan kuma su biyu ake tuhuma, abin da ɗaya ya amsa a caji ofis ba hujja ba ne a kan ɗayan, sai in ya yarda da shi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka turo yaran da hutu. Gero ya fara fitar da kai.

Ni ne mahaifinka.