Gasar waƙar gaskiya: mu alƙalai ne muka auna da lotsattsen mudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon bikin matasa, wanda ake rufewa ran 11 ga Fabrairu a nan Kamaru. Wata makarantar sakandare a nan Garwa ta shirya gasar rubuta waƙa da Hausa a kan gaskiya, aka gayyace ni cikin alƙalai uku, don na taɓa koyarwa kuma na ɗan zauna gaban malamin aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, a zaure. Yara goma sha huɗu suka shiga. Aka ba kowa takarda biyu, ɗaya ta gwaji ɗaya ta kwafewa, aka ce minti 45, ba ƙari ko na daƙiƙa.

Yaron da muka ba na ɗaya ya ajiye biro a minti na 25. Baiti 20 ya kawo, ƙwar biyu, wato ɗango 40. Malam Edita, ka raba da kanka: kowane ɗango bai ci daƙiƙa 40 ba. Wannan lokacin da hannu yake buƙata ne ya kwafe abin da ke kai. Takardarsa ta gwaji fara fat, ko ɗigo babu. A ta kwafewar ma bai soke kalma ɗaya ba. Baitoci biyar na farko yabon Ubangiji ne da salati, waɗanda za su hau kan kowace waƙa, ko ta noma ko ta aure. Ga kuma "shina" da "munka" irin na Sakkwato a bakin yaron da aka haifa a gaɓar Binuwai. Duk na ga waɗannan, na kuma sa hannu a kan sakamakon, don takardar makin da aka miƙa mana ba ta bar mini wata ƙofa ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tsayar da taro ba.

Ga yadda aka raba maki 20 ɗin: 8 na yawan baitoci, 6 na bin jigo, 4 na ƙa'idar rubutu, 2 na rerawa. Kari, wanda shi ne ƙashin bayan rubutacciyar waƙa, ko ambatonsa ba a yi ba. Kuma an sanar da jigon tun mako biyu kafin ranar. To yaron da aka ce masa tsawo ne ke cin gasa, aka kuma ba shi kwana goma sha huɗu, me ake tsammanin zai yi? Zai je wurin kawunsa ko wani tsohon littafi ne, ya haddace ya zo ya juye. Ban ɗora masa laifi da yawa ba. Mu manya ne muka gina ramin.

Wadda ta sa na ɗauki alƙalami ita ce wata yarinya 'yar aji biyar da muka ajiye a ta shida. Baiti shida kacal ta kawo. Takardarta ta gwaji kuwa kamar kaji sun yi tono a kai. A gefe ta jera kalmomi bakwai: wake, cikakke, tsuke, rake, wanke, yanke, take. Wato kafin ta rubuta ɗango ko ɗaya sai da ta tara amsa-amonta, yadda mai gini ke tara tubali kafin ya kwaɓa ƙasa. Na lura da ita a ajin: minti goma na farko ba ta taɓa takardar kwafewa ba, leɓenta na motsi, yatsanta na buga gefen benci. Mai tsaron ajin har ya harare ta, yana zaton addu'ar neman sa'a take yi. Kari take nema. Ga baitocinta biyu na farko:

Uwata tana sai da gero da wake,
Tana yin awo ne da mudu cikakke.

Maƙwabcinta ya lotsa mudu ta gindi,
Yana rantsuwa, ga cikin nan a tsuke.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san wannan mudun. Ana dukan gindinsa daga waje ya loma ciki, a ido yana nan yadda yake, har a yi maka tozo a kai, ka je gida ka tarar da awo ya gaza. Ba ta ce gaskiya dokin ƙarfe ba, ba ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne ba, karin maganar da yara tara cikin sha huɗun suka jero mana kusan a wuri ɗaya. A baitocinta shida kalmar gaskiya sau ɗaya ta fito. Abokin alƙalancina ya ce ai ta kauce wa jigo ke nan, ya ba ta 2 cikin 6.

Bari in nuna abin da ke cikin ɗangon nan, don shi ne takardar makinmu ta kasa gani. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Akwai marar nauyi, baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ta". Akwai mai nauyi, wadda wasalinta ke da ja ko baƙi ya rufe ta, kamar "ge" ta gero ko "gin" ta gindi. Karin da yarinyar ta hau shi ne mutaƙarab, ɗaya daga cikin ma'aunan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, mawaƙanmu kuma suka daɗe da mayar da shi nasu. Ƙafarsa fa'ulun ce: marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, sau huɗu a ɗango. A yanka ɗangonta na farko a ji: u-wa-ta, ta-na-sai, da-ge-ro, da-wa-ke. Kowace ƙafa ta fara da gajera ta sauka a kan dogaye biyu. Na biyun ma haka: ta-na-yin, a-wo-ne, da-mu-du, ci-kak-ke. Ba na jin ta taɓa jin sunan mutaƙarab. Kunnenta ne ya ɗauko shi, wataƙila daga waƙoƙin Islamiyya.

Shaidar da ta fi gamsar da ni tana ɗango na huɗu. A takardar gwaji ta fara rubuta "ga cikinsa a tsuke", wanda shi ne maganar da baki zai fara kawowa. Amma "sa" gajera ce, ga shi ta faɗo inda ake son mai nauyi: ci-kin-sa. In ka rera sai ka ji ƙafar ta yi ɗingishi, sai dai ka ja wasalin da ƙarfi ka ce "saa", abin da Bahaushe ba ya faɗa. Ta soke, ta sa "cikin nan". Ma'ana ta ɗan rage kaifi, kari ya miƙe. Wanda ya haddace waƙar wani ba ya barin irin wannan sawu.

Ita kanta kalmar gaskiya tana da wuyar sha'ani a wannan kari, shi ya sa yara da yawa suka yi tuntuɓe tun a ɗangon farko. Gas-ki-ya: nauyi, sauƙi, nauyi. Ba ta buɗe ɗangon mutaƙarab. Yara uku sun fara da "Amana da gaskiya", suna jin daɗin yadda "amana" ta zauna daram, amma "ki" ta faɗa gurbin mai nauyi, ɗangon ya karye nan take. Sai an sa gaɓa biyu a gabanta, kamar "Riƙon gaskiya ne": ri-ƙon-gas, ki-ya-ne. Wanda ya nace sai ya buɗe da ita, to ya koma ramal, inda "Gaskiya ce" take cika ƙafa guda cif. Malamin da ya san wannan zai koyar da shi cikin rabin sa'a.

Ba ina cewa yarinyar ba ta da kuskure ba. Amsa-amon "ke" da ta zaɓa matsattse ne. Kalmomi bakwai ta samu, ƙwar biyu mai baiti shida kuma bakwai ɗin take ci, tunda baitin farko yana cin biyu. Da suka ƙare waƙar ta tsaya, baitin ƙarshe ma da "take" ta toshe shi don dole, ana jin alamar agogo a jikinsa. Da ta ɗauki "wa" ko "ya", waɗanda Hausa ke cike da su, da ta kai baiti takwas ko tara. Sannan mun yanke mata maki uku a rubutu, don ta rubuta "moudou" da "tchikakke", ba ta kuma sa ƙugiya a ƙ ta maƙwabci ba. Yarinyar da tun firamare da Faransanci ake koya mata riƙe biro, a titi tana jin Fulatanci, Hausa sai a gida da kasuwa, wa ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata ƙa'idar boko? Bokon ma ba ya nuna jan wasali, shi ya sa alƙalin da ya tsaya ga karanta takarda da ido ba zai taɓa gane karyayyen ɗango ba. Ajami ya fi shi a nan, don yana sa alif da wawu da ya. Dole a rera, ko a buga da yatsa.

Wasu iyaye sun ce a soke ƙayyade lokaci, a bar yara su rubuto daga gida. Ban yarda ba. In aka yi haka gasar kawunnai za a yi. Agogon shi kaɗai ne ke nuna abin da ke cikin yaro, in dai an rufe ƙofar hadda. Rufe ta kuwa ba wuya. A bar jigon a sanar da shi, amma a ranar, a gaban yaran, a jefa ƙuri'a a hula a zaro gaɓar amsa-amo, a zaro kuma wani yanayi guda: canjin da mai shago ya ba ka ya yi yawa, ko ka ga amininka yana satar amsa a jarrabawa. Haddatacciyar waƙa mai ƙarewa da "na" ba ta da amfani ranar da hula ta ce "ya". A ƙayyade baiti shida zuwa takwas, kada wanda ya zarce ya sami ko rabin maki a kan haka. A mayar da maki 8 na tsawo kan kari da amsa-amo. A karɓi takardar gwaji tare da ta kwafewa, alƙalai su duba ta. In za a ƙara lokaci ya cika sa'a guda, madalla, don minti goma na neman kari da jera kalmomi ba ɓata lokaci ba ne, kwafewa kuma tana cin wasu biyar.

Na kai wa shugaban makarantar wannan shawara a rubuce, ya karɓa da mutunci ya ce za su duba kafin baɗi. Kyautar dai an riga an bayar, ƙamus ne da littattafan rubutu, ba kuma na neman a ƙwace wa yaro abin da muka miƙa masa da hannunmu. Takardar gwajin yarinyar na roƙa aka ba ni. Tana cikin aljihun jakata, na kuma aika wa mahaifiyarta saƙo ta bakin wani ɗalibi cewa in an yarda, ranar Asabar yarinyar ta zo da ƙawayenta biyu ko uku in nuna musu yankan gaɓa.

Na gode da fili.

Naka,
wani tsohon malamin makaranta,
Garwa, Kamaru