Auta, ki sake awon nan kafin in sa almakashi

Assalamu alaikum, Auta. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya zafin Abuja? Mu nan Jos hunturu ya kankama, da asuba sai an ɗumama ruwa ake alwala. Babanki yana gaishe ki.

Atamfar ankon bikin 'yar kawunki ta iso, turmi guda, yadi shida cif. Na ga awon da kika turo ta waya, na ɗauko littafina na ajiye shi kusa da wanda na yi miki da hannuna bara da ƙaramar Sallah, sai na mayar da almakashi aljihun keke. Ba zan yanka yadin nan da waɗannan lambobi ba.

Bara kafaɗarki inci 15 ce, yanzu kin rubuta 17. Ƙugunki 31 ne, kin rubuta 28. Ƙirji kuma daga 37 ya koma 39. Mutum yana ƙiba, yana kuma rama, na sani. Amma wadda ta rame har ƙugunta ya ragu da inci uku, ba ita ce kafaɗarta za ta ƙaru da inci biyu ba. Kafaɗa ƙashi ce, kuma ke kin gama girma tuntuni. Ina gani na san ke kaɗai kika tsaya gaban madubi kina fama da tef.

Bari in fara da kafaɗar, don ita ce riga take ratayawa a kai. Ki sa yatsa ki shafa saman kafaɗarki zuwa waje, za ki ji wani ɗan ƙashi daidai inda hannu ya fara gangarawa. Daga wannan ƙashi zuwa ɗan'uwansa na ɗaya ɓarin ake aunawa, ta baya, tef ya bi ta gindin wuya. Wannan awo ba ya yiwuwa ki yi wa kanki. Da zarar kin ɗaga hannu don kama tef, kafaɗar ta tashi daga mazauninta, tef ɗin kuma ya zame ya sauka kan damtse, daga nan inci biyun nan suka shigo. In na yanka da 17, ɗinkin hannu zai zubo miki kan damtse, wuyan riga ya riƙa zamewa baya, ki wuni kina gyara shi a gaban mutane. Gyaransa sai an farke hannu gaba ɗaya an sake yanka hammata. In kuwa kafaɗar ƙanƙancewa ta yi, babu magani, don yadin da almakashi ya cinye ba ya dawowa. Ki roƙi wannan maƙwabciyar taki ta Kubwa ta riƙe miki tef, ke kuwa ki tsaya yadda kika saba tsayuwa, hannuwa a sake, ido yana kallon gaba.

Ƙugu kuma na san abin da kika yi, numfashi kika ɗauke kika shafe ciki. Auta, ranar biki za ki ci abinci, za ki zauna, za ki durƙusa ki gai da manya, za ki yi salla. Atamfa ba ta da roba, ba ta miƙewa ko kaɗan. Ga lissafin yadda yake. Ina barin rarar yadi a cikin ɗinkin gefe don gyara. Gefe biyu ne, kowanne leɓe biyu, na gaba da na baya. In na buɗe rabin inci a kowane gefe, inci biyu ke nan suka dawo miki. Ke kuwa inci uku kika rage wa kanki, kin ga ko na farke ɗinkin, zif ba zai rufu ba. Don haka ki samu zare ko siririn ƙyalle ki ɗaura a cikinki, ba da ƙarfi ba, ki ɗan karkata dama da hagu. Inda zaren ya zauna da kansa, saman cibiya kaɗan, nan ne ƙugu. A auna bayan kin saki numfashi, tef ya kwanta a jiki yadda yatsa ɗaya zai shige ƙarƙashinsa. Kada ki kwance zaren nan sai an gama komai, don daga shi za a auna tsawon siket zuwa ƙasa, zuwa gare shi kuma za a auna tsawon riga daga kafaɗa.

Na 39 ɗin ƙirji, zargina ƙari kika yi da kanki don kada riga ta matse ki. Ki bar mini wannan, aikina ne. In kin ba ni 37, zan ƙara inci biyu na sakewa ya zama 39, in raba huɗu, in ja alli a kan tara da uku bisa huɗu a yadin da na ninka, sannan in bar na ɗinki. In kin ƙara biyu ni ma na ƙara biyu, riga ta zama 41, ta tsaya miki kamar ta aro. Awon jikinki kawai nake so. Ki sa rigar maman da za ki sa ranar bikin, don kowace da yadda take ɗaga ƙirji. Tef ya bi ta inda ya fi cika, kuma mai auna miki ta leƙa baya ta tabbata bai zame ƙasa ba, ya tsaya a miƙe daidai da gaba. Haka ma mazaunai, ƙafafu a haɗe, a nemo inda ya fi faɗi, galibi inci bakwai zuwa tara ƙasa da zaren.

Kuma a kan shimi mara kauri za a auna ki. Na taɓa auna wata amarya a watan Janairu, sanyi ya hana ta cire rigar sanyinta, ni kuma na ji nauyin matsa mata. Ranar da ta zo gwaji rigar tana lilo a jikinta, idonta ya ciko da ƙwalla, saura kwana biyu ɗaurin aure. Kwana na yi a kan keke ina farkewa. Tun daga ranar ko matar wane ce sai ta cire.

Tsawon siket shi ma ba naki ba ne. In kin sunkuya don ki ga lamba, cikinki ya naɗe, tef ya taɓa ƙasa da wuri, siket ya fito a ɗage. Ki sa takalmin da za ki sa ranar, in mai tsini ne, a auna da shi. Hannun riga kuwa ki ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, a auna daga ƙashin kafaɗar nan, a kuma zagaye damtse, don nan ne hannun atamfa yake yawan kama mutum.

Ki duba tef ɗin naki ma. Fuska ɗaya inci ce, tana ƙarewa a 60, ɗayar santimita, wajen 150. Ta inci nake so, kuma a fara daga bakin da lamba 1 take. In tsohon tef ne da ya sha ja har ya miƙe, ki sayi sabo a kasuwar Wuse, ba shi da tsada. Kowane awo a yi shi sau biyu, in sun saɓa a yi na uku, ki rubuta sunan wurin kusa da lambarsa.

Ki turo mini kafin Juma'a, don ɗinkin anko ya taru a shago, naki nake so in fara yankawa. In na gama zan ba direba a tashar Bauchi Road ya kawo miki, ki gwada tun da sauran lokacin gyara. Ki gai da maƙwabciyar taki, ki yi mata godiya a madadina. Allah ya yi miki albarka.

Ummanki,
Jos