Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Manoman Gyaɗa, Zariya

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa mambobi. A babban taron bara kun amince mu daina sayar da duk gyaɗarmu ɗanya da kaka, mu ware wani kaso mu mayar da shi mai da ƙuli-ƙuli mai ɗauke da sunan ƙungiya. Ga abin da ya biyo baya, daɗinsa da ɗacinsa.

Zan fara da lissafin buhu guda, don shi ne ya nuna mana inda ribar take. Daga buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100, mukan tsince kusan kilo 4 na ruɓaɓɓa da ƙanƙananna da tsakuwa. Suya da murje jan ɓawo su ci wajen kilo 8. Abin da ya rage a kai niƙa, a tuƙa da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso. A tsakaice mun samu lita 30 ta mai, tunkuzar kuma ta ba mu ƙuli kilo 55 zuwa 58.

Da yake farashi bai tsaya wuri ɗaya ba a bana, ma'aji ya auna komai da gyaɗar naira 100. Idan muka sayar da man a jarka, ƙulin kuma a kwano yadda aka saba a kasuwar Sabon Gari, mai zai kawo naira 68, ƙuli 57. A cire naira 18 ta itace da niƙa da ladan aiki, a cire kuɗin gyaɗar, saura naira 7. Wahala ce kawai da sunan sana'a. Da muka tace man muka zuba a gora, muka liƙe ƙulin a leda mai hatimi da adireshinmu, kashewa ta haura zuwa naira 30, amma mai ya kawo 75, ƙuli 77, riba ta zama naira 22. Ku lura da inda ƙarin ya fito. Suna bai ƙara wa mai wani abin kirki ba, domin uwargida tana gwada farashinsa da na sauran mayukan girki. Ƙulin ne ya ɗaga, saboda ɗalibin Samaru ko matafiyi a Kwangila zai biya ƙari a kan ledar da ƙuda bai sauka a kai ba. Iyayenmu mata masu wannan sana'a sun daɗe suna faɗa cewa ribar tana cikin ƙuli, mu ne dai sai da muka gani a takarda.

Wannan ne ma ya sa kwamiti ya janye shawarar sayen babban injin matse mai. Gaskiya ne yana tatso mai fiye da tuƙi, amma tunkuzarsa takan fito busasshiya ƙarau, ba ta ƙulluwa, sai dai a sayar wa masu haɗa abincin kaji. Da mun saye shi, da mun ƙara 'yan litoci mun yar da abin da ke ciyar da mu. Maimakonsa mun sayi injin tuƙi, da sikeli, da ƙaramin injin liƙe leda.

Yanzu ga abin da ya ba mu kunya. A watan Agusta, ana tsakiyar damina, shaguna biyu a Tudun Wada suka dawo mana da kaya. Ni da kaina na buɗe leda ɗaya a ofis: raɓa ta kwanta a jikinta ta ciki, ƙulin ya yi laushi ba ya ƙaras-ƙaras, wasu sandunan har sun fara farin hunhuna. Abin da ya cece mu shi ne lambar zubi da muke bugawa a bayan kowace leda, wadda wasunku suka ce ɓata tawada ce. Da ita muka gano duk daga suyar rana ɗaya suka fito, ranar da hadari ya haɗu aka yi gaggawar liƙewa ƙuli bai huce ba. Tururin da ya rasa hanyar fita shi ya koma ruwa. Muka bi shaguna muka kwashe zubin gaba ɗaya, muka canza musu da sabo. Asarar ta cinye ribar kusan buhu uku. Mai sayar da ƙuli a faranti, idan ya lalace yau, gobe ba wanda zai tuna na wa ne. Namu kuwa da suna a jiki, kuma ɗaya daga cikin masu shagunan har yau bai sake karɓa ba. Doka yanzu ita ce ƙuli ya kwana a shanye a kan raga, an lulluɓe shi da ƙyalle, kafin ya shiga leda.

Man ma ya koya mana nasa darasin. Ruwan tuƙi yakan saura a ciki, kuma alamarsa ita ce man ya yi hazo a gora, ya riƙa kumfa da tartsatsi a kasko, bayan 'yan makonni ya soma maƙaƙi. Yanzu muna ɗora shi a wuta mai sauƙi har ƙarar ruwan ta ɗauke, ya kwana biyu gurɓin ya zauna, sannan a tace. Mun kuma roƙi masu shaguna su daina jera gorunan a rana bakin titi, don hasken rana na saurin juya shi.

Batun tsinta ba za mu sassauta ba, ko da an ce sakatare ya cika tsanani. Gyaɗar da ta sha damshi takan kamu da hunhunar da ke haifar da gubar afulatoksin, mai illa ga hanta. Suya ba ta kawar da ita, kuma mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a cikin ƙulin da yara ke ci. Shi ya sa muke tauna ƙwaya kafin awo: in ba ta fashe ɗas ba, a mayar a ƙara shanya a kan tamfol. Ruɓaɓɓiyar da aka ware ma ba a mayar wa kowa ya kai gida. Mambobin da suka shuka SAMNUT 24, irin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, sun kawo gyaɗa iri ɗaya wadda ta soyu daidai, saɓanin gaurayayyen iri da wani ke ƙonewa wani bai nuna ba.

A ɓangaren takardu, rajistar ƙungiya ba ita ce izinin sayar da abinci a ƙunshe ba. Wannan sai da lambar NAFDAC, kuma kowane kaya da tasa. Mun fara da ta ƙuli, mun gyara ɗakin aiki an yi daɓe da silin da ragar taga, muna jiran zuwan masu duba wuri. Ta mai mun dakata, domin doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girkin da aka ƙunsa don sayarwa, mu kuwa ba mu shirya ba tukuna. Saboda haka kwamiti ya tsayar da kai kaya sababbin shaguna har lamba ta fito. Kare sunan kansa daga masu kwaikwayo rajista ce daban, ba mu fara ta ba.

Abu biyu ke jiran ƙuri'arku a taro mai zuwa. Na farko, shaguna suna karɓar kaya sai sun sayar su biya, har kuɗinmu ya kai wata ɗaya a waje, alhali mamba yana son nasa ranar awo. Kwamiti na neman a bar rabin ribar bana a asusu don cike wannan giɓi. Na biyu, ƙarin naira 5 a kan kowace 100 ga wanda ya kawo gyaɗa busasshiya tsintacciya. Littafin ma'aji yana ofis ga mai son dubawa kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya