Kalmar da ta dace da saƙon waya ba lallai ta dace da takardar ciniki ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in sa baki a gardamar da ake yawan yi kan cusa kalmomin Turanci da na Larabci cikin rubutun Hausa. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma tun da na ajiye alli mutanen unguwa suka mayar da ni mai rubuta musu takardun haya da na ciniki. A zaure na ga abin da zan faɗa.

Ba na cikin masu cewa a kori baƙin kalmomi. Wanda ya ce zai yi haka, da me zai kira ranakun mako, tun daga Lahadi har Asabar? Da me zai ƙirga ashirin zuwa tis'in? Littafi, lokaci, labari, lafiya, laifi, duk daga Larabci suka zo, kuma wannan "l" da ke farkonsu ragowar "al" ce da bakin Bahaushe ya haɗiye. Haka Turanci ya ba mu asibiti da burodi da bokiti da fasinja. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram kuwa, da yake Faransa ce ta mulke su, sai ka ji yaro ya ce zai tafi lakwal, mushe na jiransa.

Abin da nake dubawa shi ne ko kalmar ta zauna a gidan. Baƙuwar da ta zauna za ka ga ta karɓi jinsi, ta karɓi jam'i, ta karɓi harafin mallaka. Mota mace ce, shi ya sa muke cewa motar Alhaji. Jam'inta motoci, kuma "t" ta koma "c" kamar dai yadda muke cewa sata amma ya saci. Ofis ya zama ofisoshi, direba ya zama direbobi, likita ya zama likitoci. Babu hukumar da ta zauna ta yanke haka, baki ne ya sassaƙe su har suka yi daidai da shi.

Saboda haka in jikata ta rubuto mini, "Kaka, cajina ya ƙare, ba sabis a nan, in ka ga alat ka yi mini filashin," ban ga abin faɗa ba. Caji ya riga ya karɓi mallaka, ga shi ta ce cajina. Ni da ita mun san juna, in ban gane ba zan kira ta nan take. Inda nake jin ciwo shi ne a ture kalmar da ke raye don a yi burga, kamar mai rubuta "na yi kolin ɗinka" alhali "na kira ka" ta fi gajarta.

Takarda kuwa wani abu ne daban, domin ita za a karanta ta ranar da masu maganar ba sa ga maciji da juna. Bara wani maƙwabcina tela ya kama hayar shago a kan naira dubu 300 a shekara. Ɗan mai shagon ne ya rubuta takardar, da Hausa mai kyau, sai dai ya sa jimla ɗaya: "Ya ba da difozit na naira dubu 100, zai kawo balas in ya shiga." Shaidu biyu suka sa hannu, kowa ya watse da fara'a. Da ranar shiga ta zo, tela ya kawo dubu 200. Mai shago ya ce a'a, dubu 300 yake jira, domin waccan dubu 100 ajiya ce da zai riƙe saboda ɓarna, sai ranar fita a mayar. Tela ya rantse cewa shi wani ɓangare na kuɗin haya ya biya. Na zauna da su a tabarma ɗaya, takardar na hannuna, kuma wallahi babu maƙaryaci a cikinsu. Kalmar difozit tana ɗaukar ma'anonin nan biyu tun a harshen da ta fito. Balas ma bai raba gardama ba, tunda bai ce cikon nawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausa ta riga ta raba waɗannan abubuwa. Kuɗin da aka fara bayarwa daga cikin farashi sunansa kafin alƙalami, abin da ya rage kuma ciko ne. Wanda za a riƙe a mayar, kuɗin ajiya ne. In kaya aka ba da don a riƙe har a biya bashi, jingina ce. Da aka sasanta, ga yadda na sake rubuta musu: "Kuɗin haya naira dubu 300 ne a shekara. Ya biya dubu 100 kafin alƙalami, saura dubu 200 da zai cika ranar da ya karɓi makulli. Babu kuɗin ajiya a tsakaninsu." Ka lura, Malam Edita, haya da alƙalami da naira ban taɓa su ba, ko da yake alƙalami Balarabe ne. Ba asalin kalma nake gudu ba, harshen damo nake gudu.

Larabci ma yana da nasa tarkon, kuma mun fi jin nauyin faɗa saboda darajarsa a wurinmu. A majalisin karatu malami ya ce mushkila ko muhadara ko ta'aliƙi, almajirai sun gane. Amma sanarwar rigakafi da za a karanta wa matan karkara ba ta bukatar mushkila, tunda ga matsala. Akwai kuma inda kalmar Larabcin ba ta da madadi, kamar idda da zakka da wasiyya, domin hukunci ne ke rataye da su. A takardar rabon gado nakan bar kalmar yadda take, sannan in bi ta da lissafi: sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, wanda mu muka fi sani da tumunin takaba, sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida. Na taɓa ganin magajin da ya ɗauka sudusi da sulusi abu ɗaya ne, alhali sulusi kashi ɗaya cikin uku ne, ninki biyu ke nan.

Roƙona gare ku 'yan jarida shi ne ku riƙe wannan bambanci a shafukanku. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, daga jarida da rediyo jama'a ke ɗaukar kalmar da za su yi amfani da ita a al'amuran hukuma, irin su kasafin kuɗi da Majalisar Ɗinkin Duniya. Shafin barkwanci da na wasanni ku bar su su sake, a ce fenariti, a ce kofi. Amma a labarin kotu, ku bambance wanda aka ba da belinsa da wanda aka sallama, domin na ji mutane na murna an wanke ɗansu alhali beli kawai ya samu. A labarin banki kuma, in kun rubuta lamuni, ku faɗi ko da kuɗin ruwa ne ko babu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu kullum,
Wani tsohon malamin firamare,
Zariya.