Zuwa ga Sarkin Almakashi, kan zancen makarantar taka

Assalamu alaikum, mutumina. Ya Agege, ya ruwa? Wata huɗu ba ka ce uffan ba, sai ga saƙon murya na minti tara wai za ka buɗe makarantar ɗinki, har ka fara tambayar kuɗin allon talla. To, ajiye allon tukuna.

Rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, ita ce mai sauƙin. Ta sunan kasuwanci za ka yi, kamfani bai kama ka ba yanzu. Ka tanadi suna biyu ko da an riga ka ɗaya, da lambar NIN, da hoto, da adireshin shago. In takardar ta fito ka nemi lambar haraji ta TIN, ka buɗe asusun banki da sunan shagon, ka yanka wa kanka albashi daga ciki. Muddin kuɗin ɗinki da na cefane suna aljihu ɗaya, ba za ka taɓa sanin ko yaran riba suke kawo maka ko cin ka suke yi ba. Kuma duk shekara akwai bayanin da ake mayar wa CAC, mutane kan manta sai tara ta taru.

Abin da ya fi damuna shi ne yarjejeniya da iyayen yara. Na san halinka, da an ce "ga amana nan" sai kunya ta rufe maka baki. Rubuta ta. Dokar ƙwadago ta ce koyon sana'a a rubuce kada ya wuce shekara 5, kuma yaron da bai kai 16 ba sai uba ko waliyyi ya ɗaura masa, jami'in ƙwadago ya shaida. Kai shekara 3 ta ishe ka. A sa lokacin zuwa da tashi, da lokacin makaranta in yana yi, da wanda zai ciyar da shi da rana, da abin da zai samu ranar yaye. Sannan a fayyace zancen ɓarna: in yaro ya yanke shaddar mutane yadi biyar ba daidai ba, wa zai biya? A ganina, in kai ka miƙa masa almakashin kai za ka biya, in shi ya ɗauka a bayan idonka uban ya biya. Kowa ya riƙe kwafi.

Af, surukin naka ya sake yin aure. Ni ma a bakin mai shayi na ji, kada ka ce ni na faɗa.

Kekunanka huɗu ne, ko? Ɗaya naka ne, saura uku, yara shida ke nan, biyu a kowanne. In suka wuce haka sai su koma 'yan aike da masu sayo fetur ɗin janareta, iyaye kuwa suna lura. Kada kuma ka ɗauki sabon yaro ana saura wata biyu Sallah, ba ka da lokacinsa. Bayan Babbar Sallah ake ɗiba.

Wata ukun farko guga ne da maɓalli da kalmasa, da taka keke a kan takarda ba zare, har ya iya bin layi ɗoɗar. Daga nan ya koyi lafiyar keken. In zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, yara kan ruga su taɓa ƙoshiya, alhali galibi zaren sama ne bai shiga wurin matsewa ba. In ɗinki yana tsallake, allurar ce ta lanƙwashe ko aka sa ta a juye. Ya san lamba 14 ta yadin yau da kullum ce, mai kauri kuma 16. Sai wando, sai jikin riga, wuya da aljihu daga baya, domin nan idon mai kaya yake fara sauka. Awo da yanka a shekara ta biyu, a kan takardar siminti, sannan yadi mai arha. Ka ware wa kowane yaro shafi a littafi, ka sa hannu kan abin da ya iya, da kwanan wata.

Takardar shaidar da za ka buga da hotonka kana riƙe da tef, ta ado ce, gwamnati ba ta san da ita ba. Wadda ake karɓa ita ce Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga mataki na III, a hau II, a ƙare a I. Akwai kuma NSQ da hukumar NBTE ke kula da ita, inda ake auna mutum kan aikin hannunsa. Kai ka fara zama ka yi, kafin yaronka ya riga ka. In ka samu, leƙa ofishin NDE, hukumar samar da aikin yi, na jiharku da takardunka, suna tura masu koyo wurin ƙwararrun masu sana'a.

Rigar bikin nan dai har yau hannun dama ya fi na hagu tsawo, na rasa ko ni ne ko kai. Ka gaida Hajiya da yara. Wai da gaske ne ka daina shan fura?

Naka, mai gajeren hannu.