Ranakun Aiki 15 Ne Kawai Ɗan Kwangila Yake da Su Ya Kai Ƙorafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Kano, aikina gina ajujuwa da haƙa rijiyar burtsatse. Ina roƙon fili a jaridarku in ja hankalin abokan sana'ata kan wani haƙƙi da muke zubarwa da hannunmu, don ni ma na zubar da nawa.

Wata hukumar Gwamnatin Tarayya ta tallata aikin gina ajujuwa, na shiga tanda, wato gasar neman kwangilar. Ranar buɗewa muna zaune aka kawo akwatin, aka yanke ambulan ɗaya bayan ɗaya, ana karanta sunan kowane kamfani da kuɗin da ya sa, muna rubutawa. Nawa naira miliyan 48 ne, babu wanda ya kai ni sauƙi. Bayan 'yan makonni sai na ji an ba wanda ya sa miliyan 55.

Farko dai mu gane cewa arha kaɗai ba hujja ba ce. Dokar bayar da kwangila ta 2007 ta ce a ba mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan tantancewa. Idan takardar shaidar biyan harajinka ta daina aiki, ko babu shaidar fanshon ma'aikata alhali an nema, to an fitar da kai bisa ƙa'ida, ko da kyauta za ka yi aikin.

Nawa ba haka ba ne. Da na rubuta na nemi dalili, wanda doka ta ba duk wanda bai yi nasara ba damar nema, sai aka amsa mini cewa ban nuna ayyuka uku irin wannan da na taɓa yi ba. Na koma na buɗe takardar sharuɗɗan da suka ba mu. Biyu aka rubuta, biyun kuma na haɗa, da takardun kammalawa. Nan hujjar take, domin doka ta hana a auna mutum da ma'aunin da ba a rubuta a takardar tanda ba. Haka nan hujja ce idan ba a tallata aikin yadda doka ta tsara ba, ko an karɓi ambulan bayan lokacin rufewa, ko an buɗe su a ɓoye, ko an bar wani ya sauya farashinsa bayan ya ji na sauran.

Da hujjar a hannuna, sai na kama bin manya, wannan ya ce zai yi wa shugaban magana, wancan ya ce in yi haƙuri za a saka mini da wani aikin. Ina wannan zirga-zirga wata biyu suka wuce. Ranar da na kai wa lauya, abin da ya fara dubawa shi ne kwanan watan da ke kan wasiƙar, ya ce lokaci ya ƙure. Har yau abin yana ci mini rai.

Sashe na 54 na dokar bayar da kwangila ya ba ka ranakun aiki 15, daga ranar da ka san abin da ya faru, ka kai ƙorafi a rubuce ga shugaban hukumar, ko babban sakatare idan ma'aikata ce. Shi ma yana da ranakun aiki 15 ya yanke hukunci a rubuce, da dalilansa. Idan ya yi shiru, ko ba ka gamsu ba, kana da ranakun aiki 10 ka wuce Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, wato BPP, a Abuja. Ita tana iya dakatar da aikin har ta gama bincike, tana kuma iya soke abin da aka yanke, kuma ranakun aiki 21 gare ta. Sai bayan nan ake zuwa Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30. A kula, wannan tsarin ayyukan tarayya ne. Jihohi irin su Kano da Kaduna suna da nasu dokokin, sai mutum ya duba wa'adinsu.

Na san abin da ke hana mu: tsoron kada a sa mana ido, gobe a daina kula mu. Tsoron yana da tushe. Amma miliyan bakwai ɗin da ke tsakanin farashina da na wancan kuɗin jama'a ne, kuma shiruna ya taimaka suka tafi.

Malam Edita, a shafukan jaridu ake buga waɗannan tallace-tallacen tanda. Ina roƙon ku riƙa sa ɗan bayani da Hausa a gefensu, mai faɗin inda ake kai ƙorafi da yawan kwanakin da aka bayar.

Naku,
Wani ɗan kwangila, daga Kano